Sabunta inshorar mota: ka zauna ka yi ciniki ko ka koma wani kamfani?

"Salamu alaikum 'yan uwa. Bara na biya 300,000 na kwamfrihensif a kan Corolla ɗina, bana sun aiko mini da takardar sabuntawa wai 450,000, alhali ko ƙwarzane ban taɓa kai musu ba. Wani ya ce zai yi mini a wani kamfanin a 270,000. In tsaya in yi ciniki da nawa ne ko in koma can? Ina Kubwa."

Wa alaikumus salam. Malam, ka zauna inda kake, amma kada ka biya 450,000 ɗin nan sai ka je ofishinsu da ƙafarka.

Ka ɗauko takardar bara da ta bana ka ajiye su gefe da gefe. Lamba biyu kawai za ka nema: darajar da aka sa wa motar, da kason da aka caje ka cikin ɗari. Kuɗin kwamfrihensif, wato inshorar da ke biyan har ɓarnar motarka, waɗannan biyun ne ake ninkawa. Na fi zaton bara an sa motarka a miliyan 6 aka ɗauki kashi 5, shi ya ba da 300,000. Ta bana kuwa tana iya zama miliyan 9 a kashi 5, tana kuma iya zama miliyan 7 da rabi a kashi 6. Duka biyun 450,000 suke bayarwa, amma cinikinsu ba ɗaya ba ne.

Idan darajar suka ɗaga, ba zalunci ba ne, ko da yake da ciwo. Tun da aka saki farashin naira a watan Yunin 2023 dala ta tashi daga ɗari huɗu da wani abu har ta haura 1,500 a 2024, motocin tokumbo da kayan gyaransu suka bi ta a guje. Duk mai zuwa Apo sayen fitila ko bamba ya san zancen. Kamfani da kuɗin yau zai saya maka kayan, don haka da darajar yau yake lissafi. Abin da za ka yi a nan shi ne ka zaga wurin dillalan mota biyu ko uku ka ji nawa ake sayar da irin taka, shekararta da lafiyarta. In kasuwa ta ce miliyan 8, ka sa su mayar da ita 8, ka biya 400,000. Sa mata darajar da ta fi ta kasuwa asara ce, domin ko sace ta aka yi, Allah ya kiyaye, ba za su ba ka fiye da kuɗinta na kasuwa ba.

Idan kuma kason suka ɗaga, a nan ne bakinka yake da ƙarfi. Ni ma haka aka yi mini da Camry ɗita. Takarda ta zo an sa motar miliyan 8 a kashi 6, wato 480,000. Saura mako uku inshorar ta ƙare na karɓo farashi a rubuce daga kamfanoni biyu, na tafi reshenmu da ke Wuse. Ban yi faɗa da kowa ba. Na ajiye takardun a gaban matar da ke teburin na ce, Hajiya, shekara uku ina tare da ku ban taɓa karɓar ko sisi ba, ina rangwamen wanda bai yi haɗari ba? Ta shiga wurin manaja, ta fito da kashi 5. Na biya 400,000, na tsira da 80,000 a zaman da bai kai awa ɗaya ba. Da damina ta zo wata motar haya ta shigar mini ta gefe a hanyar Kubwa, direban kuma ya tsere. Ita wannan Hajiyar na kira. Washegari aka turo mai duba ɓarna wurin bakanikena, cikin mako uku kuɗi suka shigo. Wannan sanayyar ba a rubuta ta a takardar farashi.

Sai dai ka san inda cinikin ya tsaya. Tun 1 ga Janairun 2023 hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta ce kada kwamfrihensif ya yi ƙasa da kashi 5 cikin ɗari na darajar mota bayan an cire duk wani rangwame. A lokacin ne ma tad-fati na motar gida, wato inshorar da ke biyan ɓarnar da ka yi wa wani kawai, ya tashi daga 5,000 zuwa 15,000. To in ka tarar kana kan kashi 5 tun farko, kada ka ɓata bakinka a kan kaso. Ka duba ƙananan abubuwan da aka ɗora a kai, kamar kariyar ambaliya da ta tarzoma da kuɗin na'urar bin sawun mota, ka cire wanda ba ka buƙata. Ni dai ta ambaliya ban cire ba, na ga yadda ruwa ke yi wa wasu unguwannin Abuja.

Yanzu ka auna 270,000 ɗin can da wannan ma'auni. A kan mota ta miliyan 9, kashi 3 ke nan, ƙasa da abin da hukuma ta yarda. In kuwa kashi 5 ne da gaske, to an rubuta motarka a miliyan 5.4. Nan ne ramin yake. Yawancin takardun inshora suna da sharaɗin cewa in ka sa wa mota darajar da ba ta kai tata ba, gwargwadon abin da ka sa za a biya ka. Miliyan 5.4 cikin 9 kashi 60 ne. A ce gyara ya ci miliyan 1 da rabi, 900,000 za su lissafa, sannan su cire kason da mai mota ke ɗauka da kansa, wanda suke kira eksas. Ka rage 180,000 yau, ka cika fiye da 600,000 daga aljihunka gobe.

Sauya kamfani kam na taɓa yi sau ɗaya saboda arha, na gane kurena ranar da gilashin gaba ya fashe aka ce mini eksas ɗina ya fi kuɗin gilashin. Ba zan ce babu masu kirki a wani wurin ba. In naku suka ƙi saukowa daga kashi 6 wani kuma ya ba ka kashi 5 a kan daraja ɗaya da eksas ɗaya, sai ka tafi. Ka karɓi wasiƙar da ke nuna ba ka taɓa neman diyya ba, ka kai motar su duba su ɗauki hoto, ka tabbata sabuwar ta fara aiki a ranar da tsohuwar ta ƙare. Doka ta ce sai an biya kuɗi kariya ke farawa, saboda haka alƙawarin baka ba ya kare ka ko na yini ɗaya. In kana neman farashi ka haɗa da kamfanin takaful, wato inshorar Musulunci, su in an samu rara a asusu suna raba wa waɗanda ba su karɓi diyya ba.

Shi wannan "wani" da ya ce zai yi maka, wane ne shi? Akwai masu tsayawa a bakin wuraren sabunta takardun mota suna buga takarda mai tambari mai kyau, kuɗin kuma bai taɓa isa wani kamfani ba. Wasu kuma su karɓi kuɗin kwamfrihensif su yankar maka tad-fati na 15,000. Kada ka tura kuɗi asusun mutum, sai asusu mai sunan kamfani ko na dillalin inshora mai lasisi. Bayan ka biya, ka danna *565*11# ko ka shiga askniid.org ka sa lambar motarka, ka ga ko ta fito, sannan ka kira kamfanin da kanka su faɗa maka irin inshorar da darajar da aka rubuta.

Ka je musu a makon nan da farashi biyu a rubuce a hannunka. Ka turo mana hoton wurin da aka rubuta daraja da kaso, ka rufe sunanka da lambar mota, in gaya maka nawa za ka taya.