Sanamaki, garin isfagula ko laktulos: wanne za ka saya idan ciki ya bushe da azumi?

Da an shiga kwana na huɗu ko na biyar na azumi, masu kemis da masu kantin magungunan Musulunci sun san abin da za a fara tambaya: "Akwai na wankin ciki?" Dalilin a fili yake. Ruwan da a da ake sha cikin yini guda, yanzu sai tsakanin magariba da asuba, awa goma zuwa sha ɗaya a garuruwa irin su Kano da Maraɗi. Babban hanji kuwa aikinsa tsotse ruwa daga bayan gida, to idan jiki na ƙishi sai ya tsotse har ya bar shi kamar tsakuwa. Ga ƙosai da soyayyen dankali da burodi sun cika faranti, ganye ya yi ƙaranci.

Kafin ka ciro kuɗi, ka tambayi kowane magani abu biyu: ruwa nawa yake nema, kuma ƙarfe nawa zai tashe ka.

Sanamaki shi ne mafi arha kuma mafi farin jini, ɗan'uwan filaskon da kakanninmu suka sani ne. Yana tsikarar hanji ya matsa, aikinsa na zuwa bayan awa 8 zuwa 12. Matsalar ganyen da ake tafasawa ita ce ba shi da ma'auni: dintsin yau ba shi ne dintsin gobe ba, shi ya sa wani ya sha lafiya, wani kuma ya kwana yana murɗa. Ƙwayar bisakodil ta kemis irin aikinsu ɗaya, tana zuwa cikin awa 6 zuwa 12, amma ita an san nauyinta, miligiram 5 kowace ƙwaya. Ba a tauna ta, kuma ba a haɗa ta da madara ko maganin olsa sai an bar awa guda tsakani, don haka mai buɗe baki da fura da nono ya kula. Duka biyun na fitar da kai daga kunya ne na kwana ɗaya ko biyu. Kada su wuce mako.

A nan lokaci ne komai. Ɗauki ɗan kasuwar da ya kwana uku bai zaga ba. Idan ya sha ƙwayar da sahur, ƙarfe 5, za ta motsa shi tsakanin 11 na safe da 5 na yamma, yana tsakiyar kasuwa, rana na dukansa, ga shi ba halin mayar da ruwan da ya fita. Jiri da kasala ke nan, wani ma har ya karya azumi. Idan kuwa ya sha bayan tarawihi, wajen ƙarfe 9, aikin zai zo tsakanin 3 na dare da hantsi, galibi yana gida.

Garin isfagula, wanda wasu ke kira siliyam, na ɓawon irin wani tsiro ne, shi ba ya tsikara. Ruwa yake sha ya kumbura, ya tausasa bayan gida, kuma yakan ɗauki kwana biyu zuwa uku. Ana dama shi a cikakken kofi a shanye nan take kafin ya yi kauri. Da buɗe baki ya dace, ba da sahur ba, kuma ba dab da kwanciya ba, domin idan ruwa bai biyo bayansa ba sai ya ƙara toshe wurin. Wanda ya san ba zai iya shanye ledar ruwa huɗu, wato lita biyu, kafin asuba ba, ya bar wannan a kanta.

Laktulos ruwa ne mai zaƙi da ke jawo ruwa cikin hanji. Babba kan fara da mililita 15 sau biyu a kullum, wanda ya yi daidai da buɗe baki da sahur. Ya fi tsada, yana iya kai kwana biyu kafin a ga aikinsa, kuma yana sa kumburi da tusa a farko (masu doguwar tsayuwa a sahu su san da wannan). Mai basir da ke tsoron yunƙuri shi zan nuna masa. Mai ciwon suga da mai juna biyu su fara tambayar likita.

Ni dai da za a ba ni kuɗin, wajen mai kayan miya zan fara zuwa. Kwaɗon zogale da buɗe baki, tuwo da miyar kuka ko kuɓewa da sahur, wake, gwanda, lemo a ci da tsokarsa maimakon a matse. Ruwan kuma a rarraba shi: leda ɗaya da magariba, ɗaya bayan isha, ɗaya kafin barci, ɗaya da sahur. Kuma idan bayan gida ya zo bayan sahur, kada a danne shi don komawa barci.

Akwai inda saye ba ya amfani. Jini a bayan gida, amai tare da kumburin ciki, ciwo mai tsanani, ko a kasa ko da fitar da iska: wannan na asibiti ne, kuma maganin tsikarar hanji na iya ƙara ɓarna. Mai shan maganin ƙarin jini, ko tiramadol da kodin, ya faɗa wa mai kemis tun farko, domin su kansu suna busar da ciki.