Alkalami, Ruwudu da Harmattan: wanne ido ya fi ɗauka a fuskar waya?

Zubin haruffa uku na gwada wajen buga wasu waƙoƙin wa'azi na ajami da kawuna ya adana a gidansa cikin Birni, nan Damagaram: Alkalami, Ruwudu da Harmattan. Dukansu ƙungiyar SIL ce ta fitar, kuma kyauta ake saukewa. Abin da na ɗora su a kai shi ne ko dattijon da ya tashi da rubutun allo zai karanta su a fuskar waya ba tare da ya tsaya yana canki-canki ba.

Alkalami ne ya fara shiga raina, don zubin rubutun Kano ne, mai kauri, irin wanda muka saba gani a Alƙur'anan Warshu na kasuwa. A takarda, ko a matsayin kan magana, ban ga na biyunsa ba. Sai dai kaurin nan yana neman fili. Da na ƙanƙanta shi a waya, cikin mim da wau ya soma toshewa, ɗigogi kuma suka matsu. Ruwudu ɗan uwansa ne mara nauyi, an zana shi bisa hannun da ake rubutawa a nan Nijar, musamman wajen Mangawa, kuma ya fi shi sarari. Harmattan bai kama da rubutun malamanmu sosai ba, amma siririn layinsa yana barin kowane ɗigo ya tsaya shi kaɗai.

Ɗigon nan kuwa shi ne inda gizo ke saƙar. Mu a ajami, wasalin e yamala ce, ɗigo guda ƙarƙashin harafi, wanda lambarsa a Unicode, tsarin da ke ba kowane harafi lamba a na'ura, ita ce U+065C. To harafin ba yana da nasa ɗigon a ƙasa, fa ta Warshu ma haka. Ka rubuta kalmar bebe ka duba: kowace ba tana ɗauke da ɗigonta da kuma yamala. In zubin ya jera su kafaɗa da kafaɗa kuma girmansu ɗaya, ido zai ga ɗigo biyu a ƙasa, wato ya, mai karatu ya kama hanyar faɗin wata kalma daban. Zubi nagari yana sauke yamala ƙasa kaɗan ko ya bambanta girmanta. Na miƙa wa kawu wayar da layin a ƙaramin Alkalami, ya nisanta ta, ya matso da ita, ya ce: “Ɗana, wannan ba ce ko ya?” Da na juya layin zuwa Harmattan ba tare da na ƙara girma ba, ya wuce da karatunsa.

Bayan bebe, sai a gwada ɓera, don ɓa tana da ɗigo uku a sama, guda a ƙasa, ga yamala kuma. Sai tsintsiya, a ga ko ɗigo ukun da ke kan tsa sun rabu da hannun harafin. In sun manne masa, tsa ta koma ɗa.

Akwai matsalar da ba ta zubi ba ce, ta bugawa ce. Madannin Larabci na waya yana ba da fa mai ɗigo a sama, wadda ga ɗan makarantar allo ƙaf ce. Fa da ƙaf da nun irin namu suna da lambobinsu, U+08BB da U+08BC da U+08BD, waɗanda suka shiga Unicode a 2016. Alamar cewa an buga daidai ita ce ɗigon ya ɓace in harafin ya zo ƙarshen kalma. Ka rubuta nan: nun ta farko da ɗigonta, ta ƙarshe babu. Duka ukun sun yi wannan yadda ya kamata.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne aikawa. In ka kwafi rubutun ka jefa cikin saƙo, zubinka ba ya bin sa. Wayar mai karɓa ce ke zaɓar nata, kuma tsofaffin wayoyi sukan nuna akwatuna a gurbin waɗannan haruffa, ko kalma ta tsinke a tsakiya. Shi ya sa nake mayar da aikin PDF, inda zubin ke tafiya tare da takardar, in buɗe shi a ƙaramar waya, a tsakar gida cikin hasken rana, kafin in tura wa kowa.

Yanzu baitocin da za a karanta a waya da Harmattan nake buga su, kan waƙa da Alkalami. In kuwa takarda za a fitar wa almajirai, Ruwudu nake ɗauka, in ƙara tazarar layi don yamala ta sama kada ta haɗu da rufu'ar layin ƙasa.