Photoroom ko Background Eraser: wanne ya fi wa mai koyo?

"Don Allah 'yan'uwa, ina sayar da takalma da jakunkuna, amma duk hoton da na ɗauka sai tarkacen ɗaki ya fito a baya. Tsakanin Photoroom da Background Eraser wanne zan sauke? Ban iya komai ba, kuma na kyauta nake so."

'Yar'uwa, ki fara da Photoroom. Shi da kansa yake gane kayan da ke gaba ya yanke su. Ki buɗe shi, ki zaɓi hoton takalmin, ki jira daƙiƙa kaɗan, sai ki ga bayan ya ɓace. Daga nan ki zaɓi farin baya ki adana. Sai dai yana cin data, kuma wasu abubuwan a kulle suke sai an biya. Ki ƙyale su, farin baya ya wadatar.

Background Eraser kuwa aikin hannu ne, amma ba ya neman data. Maɓallin Auto yana goge launin da kika taɓa da makamantansa, Manual ki goge da yatsa, Repair ya dawo da abin da kika goge bisa kuskure. Wato shi launi yake bi, bai san takalmi ba. Nan bambancin yake.

Ga misali: baƙin takalmi mai maɗauri a kan kafet mai fulawoyi. Photoroom zai fitar da shi tsaf, amma sau da yawa yakan bar ɗan kafet a ramin da ke tsakanin maɗaurin da tafin. Ki buɗa hoton da yatsu biyu ki duba wurin da kyau, in kin gani ki shiga Edit Cutout ki share. A Background Eraser, wannan hoton wahala ne: kowace fulawa sai kin taɓa ta daban, kuma in kafet ɗin na da baƙi, zai ci gefen takalmin. Amma da a kan farin zani kika ɗauka, taɓawa biyu zuwa uku ta gama.

Shi ya sa nake roƙonki, ki gyara tun wurin ɗauka. Ki shimfiɗa zani mara ado wanda launinsa ya saɓa da na kayan, kusa da taga, da rana. Jaka mai sarƙa ko mai raga ta fi buƙatar wannan, don ta kowane rami baya yake leƙowa.

Wajen adanawa, in za ki ɗora takalmin a kan wani hoton daga baya, ki zaɓi nau'in hoto na PNG, don nau'in JPG ba ya riƙe bayan da babu komai. In kuma kai tsaye za ki tura wa masu saye ta WhatsApp, ki sa farin bayan tukuna, in ba haka ba yana iya fitowa baƙi ƙirin.