Bakin maroƙi ko alƙalamin malam?

Mai neman jerin sarakunan Kano yana da ƙofa biyu: kirarin da maroƙan fada suka gada baki da baki, ko rubutaccen tarihin da Palmer, wani jami'in mulkin mallaka na Birtaniya, ya fassara zuwa Turanci a 1908.

Kirari yana riƙe suna da hali, domin kiɗa da kari ba sa barin kalma ta zame. Amma ba ruwansa da shekara. Kuma maroƙi bai cika ambaton sarkin da aka tuɓe ba, balle a gaban jikan wanda ya tuɓe shi.

Littafin ya kawo shekarun kowane sarki tun daga Bagauda. Sai dai masana da yawa na ganin a ƙarshen ƙarni na 19 aka tsara shi, kuma daga bakin mutane aka kwaso yawancinsa. Shi ya sa ake neman shaida daga waje. Littafin ya ba Muhammadu Rumfa shekara 37, a lissafin Hijira. Lissafi daga baya ya ajiye shi a 1463 zuwa 1499, kuma wasu majiyoyi daban sun tabbatar Al-Maghili, malamin da ya rubuta wa Rumfa nasiha kan mulki, ya zo Kano wajajen 1492. Nan lissafi ya tsaya da ƙafarsa. Shekarar Bagauda kuwa, 999, ba ta da irin wannan mashaidi.