Wata uku da ma'aunin zafin abinci: jan cikin boga ya daina ruɗa ni

Ina soya wainar niƙaƙƙen nama, wadda ake sakawa a tsakiyar burodin boga, ina sayar wa ɗalibai da yamma a Samaru. Na fi shekara biyu ina yi, kuma hanyata ta gane dahuwa ɗaya ce: in tsaga guda da wuƙa in leƙa. In na ga ja in mayar kasko, in na ga ya yi ruwan ƙasa in kwashe. Ƙanwar maigidana, wadda take aikin jinya, ita ta matsa mini in sayi ma'aunin zafi na abinci. Ta ce, "Anti, idonki launi kawai yake gani, ba ya ganin zafi." Na sayo shi a wani shagon kayan kicin a Sabon Gari, ɗan siriri mai tsinken ƙarfe da ƙaramin allo a kai, don dai ta bar ni in huta.

Adadin da ake nema a tsakiyar wainar naman sa ko na rago shi ne digiri 71 a ma'aunin Salshiyas, wato 160 a Faranhait, kamar yadda ma'aikatar noma ta Amurka ta tsayar. In niƙaƙƙen naman kaza ne, sai ya kai 74. A Birtaniya suna cewa digiri 70 na tsawon minti biyu. Ni na riƙe 71 ɗin, domin in mutum biyar suna tsaye a kaina ba ni da sukunin duba agogo.

Da farko na yi gardama. Na ce mu da muka tashi da tsire da balangu, wa ya taɓa soka musu ƙarfe? Sai ƙanwar maigidan ta warware mini. A tsokar da ba a niƙa ba, ƙwayoyin cuta galibi a bayanta suke, daga wuƙa da teburin mahauci da hannu, kuma bayan ne wuta take fara ci. Dambun nama kuwa ya sha tafasa kafin a daka shi. Amma da zarar nama ya bi ta injin niƙa, abin da yake waje ya shige ciki, ya gauraya da kowane lungu, har tsakiyar da zafi yake isa a ƙarshe. Kuma injin da ake kai wa niƙa ba naman mutum ɗaya yake ci a rana ba. Akwai wani nau'in ƙwayar ikolai da ke zama a hanjin shanu, kaɗan daga cikinta ya isa ya jawo gudawa da jini, ga yara ƙanana har yakan taɓa ƙoda. A shekarar 1993 boga da bai dahu ba daga gidajen abincin Jack in the Box a Amurka ya kwantar da ɗaruruwan mutane, yara huɗu suka rasu.

Ranar da abin ya shiga kaina sosai wata Talata ce. Naman ya kwana biyu a firji, samansa har ya fara dushewa daga ja zuwa ruwan ƙasa. Na cura shi kamar kullum, kowace waina giram 120, kaurinta kamar santimita biyu. Na ba ta minti uku a kowane gefe, na tsaga: ruwan ƙasa har tsakiya, ko ɗigon ja babu. A da, da tuni ta hau burodi. Na soka ma'aunin a ta kusa da ita, ya tsaya a 59. Na sake sokawa a wata, 61. Sai da na rage wuta, na rufe kaskon da murfi na ƙarin minti uku, sannan suka kai 72.

Ashe jan da ke cikin nama ba jini ba ne, wani sinadari ne a tsoka da ake kira mayogulobin. In niƙaƙƙen nama ya sha iska ya kwana, sinadarin yakan riga ya sauya tun yana ɗanye, sai ya yi ruwan ƙasa da wuri a wuta, tun zafin bai isa ya kashe ƙwayoyin cuta ba. Wannan ne ya fi ba ni tsoro, domin kamanninsa na dafaffe ne. Na zauna ina lissafin irin waɗannan da na miƙa wa 'ya'yan mutane.

Ɗaya ɓangaren kuma shi ne wanda ya yi ta jawo mini asara ban sani ba. Wasu ranakun nakan ga ja-ja a tsakiya, in yi ta mayarwa wuta har wainar ta bushe kamar ƙanzo. Ranar da gas ya ƙare na koma gawayi, na auna wata mai jan ciki sarai, ma'auni ya ce 74. Ta dahu. Hayaƙin gawayi, har da harshen gas, yana iya kama launin ya riƙe shi. Albasa da tattasai da aka kwaɓa a ciki aka bari suka jima su ma suna iya yin haka. In kuma kin sa 'yar kanwa don laushi, ki sa ran ganin ja, domin kanwa tana hana sinadarin nan sauya launi. Haka naman saniyar da ta galabaita kafin yanka, irin wanda za ki gan shi ya yi duhu yana danƙo a hannu.

Yadda ake soka shi ma sai da na koya. In kika soka daga sama, tsinken ya zarce ya taɓa kasko, ya ba ki adadin ƙarya. Ɗaga wainar za ki yi da cokalin juyi, ki shigar da tsinken ta gefe, a kwance, har bakinsa ya isa tsakiya, ki jira lambar ta daina motsi. Ki auna mafi kauri, da wadda take gefen kasko inda wuta ba ta da ƙarfi. In ya nuna ƙasa da 71, a wanke tsinken da sabulu kafin a sake sokawa, kar a mayar da ɗanyen ruwa cikin wadda ta dahu.

Shi ma'aunin kansa, ba zan ce ba shi da aibu ba. Yakan ɗauki kusan daƙiƙa goma kafin ya tsaya, kuma hannu a kan kasko mai tartsatsin mai, daƙiƙa goma ba wasa ba ce. Allonsa ba ya haske, in aka ɗauke wuta sai an haska mini da waya. Ba ya son ruwa. Na taɓa tsoma shi gaba ɗaya a wanke-wanke, ya yini yana nuna shirme. Maɓallin °C/°F kuma yana dannuwa a aljihun atamfa: wata rana na ga 150 na ɗauka na ƙone nama, alhali Faranhait ne, bai ma kai 66 ba. Batirinsa ɗan mitsitsi ne, LR44, wajen masu gyaran agogo nake samu.

Gaskiyarsa kuwa na gwada. A kofi cike da dakakkiyar ƙanƙara da ɗan ruwa ya nuna 0. A tafasasshen ruwa ya nuna 98, har na shirya mayar wa mai shago, sai ƙanwar maigidan ta ce ai Zariya a kan tudu take, sama da mita ɗari shida daga teku, ruwa a nan ba ya kai 100 yake tafasa.

Abin da ya rage mini yanzu shi ne masu saye. Makon jiya wani ɗalibi ya dawo da nasa ya ce, "Hajiya, wannan ai da sauransa." Na karɓa, na soya masa wani, na soka ma'aunin a gabansa ya ga 73, na tsaga masa ya ga jan da idonsa. Ya jinjina kai, amma ya ce shi dai a ƙara masa minti ɗaya. Na ƙara masa.