Rauta mai layi biyu a imarar Jidda: 2.4 ko 5?

Duk wanda ke zaune a imara, wato bene mai gidaje da yawa, mai cunkoso irin tamu ta nan Jidda, shawarata ya hau layin waifai na 5 GHz a duk ɗakin da ya kai, ya bar 2.4 GHz ga lungun da ba yadda za a yi. Na faɗi haka ne bayan na daɗe ina amfani da rauta, wato na'urar raba waifai, da aka haɗa mana da faiba, mai fitar da layukan biyu.

A takarda 2.4 ya fi burgewa, domin ya fi zuwa nesa, ya kuma fi ratsa bango. To a imara wannan nisan shi ne masifarsa. Yadda naka ke ratsawa zuwa gidan maƙwabci, haka nasa ke shigo maka, da na saman bene da na ƙasa, har da na imarar da ke tsallaken titi. Ka buɗe jerin waifai a wayarka ka gani, sunaye sai ka gaji da ja. Kuma kowane layi an raba shi tasha-tasha, a wannan layi kuwa tashoshi uku ne kacal ba sa hawa kan juna, wato 1 da 6 da 11. Rautocin da ke tasha ɗaya jiran juna suke yi, sai wannan ya yi shiru wancan ya aika nasa, kamar masu ɗiban ruwa a famfo ɗaya. Ga bulutut a wannan layin, ga na'urar ɗumama abinci ita ma a nan take zuba hayaniyarta.

Shi ya sa sandunan sigina suke yaudarar mutane. Za ka ga sun cika fal, amma bayan sallar isha'i, lokacin da kowa ya dawo gida, kiran bidiyo zuwa Kano sai ya riƙa daskarewa. Sandunan ƙarfin sigina kawai suke nunawa, ba sa nuna yawan masu rububin hanyar.

Ga abin da na gani a gidanmu. Kuɗin 100 Mbps muke biya, rautar tana falo. Da daddare a falon, 5 GHz yana ba ni sama da 90, shi kuwa 2.4 da ƙyar yake haura 15, alhali a kujera ɗaya nake zaune. A ɗakin yara, bango ɗaya tsakani, 5 ɗin bai rage wani abin a-zo-a-gani ba. A ɗakin Hajiya ne, can ƙarshen baranda bayan bango uku na kankare da rodi, labari ya sauya. Manhajar auna waifai ta nuna 5 ya faɗi zuwa wajen -80 dBm, yana kamawa yana saki, 2.4 kuma yana wajen -65, yana tafiya a hankali amma bai yankewa. A wannan ma'auni, gwargwadon kusancin lambar da sifili, gwargwadon ƙarfin sigina. Idan 5 ya wuce -70 zuwa ƙasa, ni dai na daina dogara da shi.

Raunin 5 wajen ratsa bango ma alheri ne a gare mu, tunda na maƙwabta ba ya iso mana da ƙarfi, ga tashoshinsa da yawa.

Abin da bai yi mini ba a rautar shi ne yadda ta zo da layukan biyu a ƙarƙashin suna ɗaya, ita ke zaɓa wa waya. Idan ka fito daga ɗakin ƙarshe ka zauna a falo, wayar takan manne wa 2.4 ta ƙi saki. Na shiga shafin saitin ta adireshin da ke rubuce a bayan rautar, na kashe wannan haɗin, wanda wasu rautoci ke kira Smart Connect, na ba kowane layi sunansa. A 2.4 na mayar da faɗin tasha 20 MHz, domin 40 a cikin cunkoso ƙarin karo ne kawai, sannan na zaɓi 11 saboda ita ce manhajar ta nuna da sauƙin jama'a a wajenmu. Taku tana iya zama 1 ko 6, sai an auna. A 5 na tsaya kan 36. Tashoshi daga 52 zuwa sama da yawansu ana raba su da na'urorin rada, rauta kan yi tsalle ta bar su idan ta ji motsin rada, kira ya yanke.

Na kuma sauko da ita daga bayan talabijin na ɗora ta a kan wata kanta a bakin baranda. Wannan kaɗai ya shigar da 5 har kicin.

Yanzu talabijin da kwamfuta da wayoyinmu suna kan 5. Wayar Hajiya da kyamarar bakin ƙofa, wadda dama 2.4 kaɗai take gani, suna ɗaya layin. Rautar ta biya ni, amma mai gida mai ɗakuna da yawa a jere kada ya sa ran guda ɗaya za ta kai masa 5 ko'ina. Gara ya ja wayar intanet zuwa can ciki ya ƙara ta biyu.