Shekara guda da babbar waya: abin da na gane kan kilawud, bakof da sink

Bara na bar ƙaramar waya na sayi Android, yaron shago ya buɗe min asusun Google ya ce shikenan komai naka yana sama ba zai ɓata ba. Maganar tasa rabi gaskiya ce, don abubuwa uku ne daban aka haɗa min a baki ɗaya.

Kilawud dai wuri ne kawai, kamar rumbu a kwamfutocin kamfani, Google na ba da giga 15 kyauta kuma Gmail da Drive da Photos duk daga ciki suke ci. A Drive abin da ka loda da hannunka shi ke nan zaune, na sa hoton takardar filina can, ko na goge na waya wancan yana nan.

Bakof kuma kwafi ne da waya ke ɗauka a wani lokaci don ranar da ta faɗa ruwa ko aka sace. Na WhatsApp na sa shi kullum, amma ku lura, sabon kwafi yana danne tsoho ne, in ka goge hira yau kuma bakof ya gudana cikin dare to ta tafi. Ka shiga Settings, Chats, Chat backup ka duba ranar ƙarshe da ya yi, in ka ga wata biyu baya to ko wuri ya cika ko an bar shi sai da wayifai.

Wanda ya fi tayar min da hankali shi ne wanda aka rubuta Sync. Shi madubi ne, abin da ka yi a waya shi zai faru a asusunka, har da gogewa. Ɗana ɗan shekara 4 ya ɗauki wayar ya goge min lambobi kusan 20 na masu kawo min kaya, ban damu ba na ce ai suna sama, na shiga asusun ta wayar ƙanina wallahi can ma babu su, gabana ya faɗi. Ƙanin nawa ne ya buɗe contacts.google.com ya shiga Trash, suna nan, don lambar da aka goge tana kwana 30 kafin ta tafi gaba ɗaya. Da na yi sakaci wata ya wuce da sai bin mutane ɗaya bayan ɗaya.

Photos ma a kula, duk da Backup aka rubuta, in ka goge hoto a cikin manhajar yana fita daga waya da asusun duka. In wuri kake nema danna Free up space, shi na waya kawai yake cirewa.

Ni dai na gamsu da tsarin, sai dai bidiyon biki na cinye giga 15 ɗin da wuri, kuma in ya cika har saƙon Gmail daina shigowa yake, shi ya sa bidiyo nake kwashe su a memori.